Fitar da tushen murabba'i da biro da takarda, lamba bayan lamba

Duk lokacin da jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, tambaya guda takan dawo a azuzuwan lissafi na Gombe: idan babu waya a hannu, kalkuleta kuma ta ƙi aiki ko an hana shiga da ita, yaya ɗalibi zai fitar da tushen murabba'i? Ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya, a JAMB kuwa ko kalkuletar mutum ba a barinsa ya shiga da ita, sai wadda ke kan allon kwamfuta. Amsoshin da ɗalibai ke samu sun sha bamban. Wani malami zai ce a farfasa adadin, wani ya ce a buɗe teburin lissafi, wani dattijo da ya yi makaranta kafin kalkuleta ta yawaita ya ɗauki biro ya yi wani abu mai kama da doguwar rabawa, amsa ta fito lamba bayan lamba. Wannan hanya ta ƙarshe ita ce ta fi rikita masu kallo, domin ana ninkawa ana saukowa da lambobi bibbiyu ba tare da an faɗi dalili ba. Dalilin yana nan, kuma wanda ya gane shi ba ya bukatar haddar matakan.

## Abin da ake nema

Murabba'in adadi shi ne abin da ake samu idan an buga adadin da kansa: 12 sau 12 ya ba da 144. Tushen murabba'i komawa baya ne, wato a ba ka 144 a ce ka nemo 12. A ƙasa, wannan yana nufin an gaya maka faɗin wani fili mai gefe huɗu daidai wa daida, kai kuma ka faɗi tsawon gefe ɗaya. Hekta guda murabba'in mita 10,000 ce, saboda haka gefenta mita 100 ne.

A nan za a riƙa cewa "lamba" ga ɗaya daga cikin 0 zuwa 9, "adadi" kuma ga abin da lambobin suka haɗu suka zama, kamar 144. Wasu adadai tushensu yana fita cif, irin su 144 da 625. Mafi yawa ba ya fita, lambobin bayan ɗigo suna ta tafiya ba iyaka, sai dai mutum ya tsaya inda bukatarsa ta biya.

Hanyar tsohuwa ce ƙwarai. Masu lissafin ƙasar Sin sun rubuta ta tun zamanin daular Han, kusan shekara 2,000 da suka wuce, suna aiki da 'yan sanduna a kan allo. Masanin taurari na Indiya, Aryabhata, ya bayyana ta a littafinsa na shekarar 499. Daga Indiya ta shiga littattafan hisabi na Larabci tare da lambobin da muke rubutu da su yau, daga can ta isa makarantun Turai, boko kuma ya kawo mana ita.

## Matakan, a kan 54,756

Abu na farko shi ne raba lambobin bibbiyu, kuma daga dama ake farawa, daga inda ɗigo yake ko inda zai kasance da an rubuta shi. 54,756 ya zama 5, sai 47, sai 56. Rukuni uku ke nan, don haka tun ba a yi komai ba an san amsar lamba uku ce.

Sai a dubi rukunin farko na hagu, wato 5, a nemi lamba mafi girma da murabba'inta bai wuce shi ba. 2 sau 2 ya ba da 4, 3 sau 3 ya ba da 9 wanda ya zarce. Lambar farko ta amsa ita ce 2. A cire 4 daga 5, saura 1.

Yanzu a sauko da rukuni na biyu gaba ɗayansa kusa da ragowar, 1 da 47 su zama 147. A ninka amsar da aka samu zuwa yanzu, 2 ta zama 4, a rubuta 4 ɗin a gefe a bar gurbi a gabanta. Ana neman lamba guda da za ta cike gurbin, kuma ita ce dai za a buga da adadin da ya samu, ba tare da an wuce 147 ba. Idan aka sa 3, 43 sau 3 ya ba da 129. Idan aka sa 4, 44 sau 4 ya ba da 176, ya yi yawa. Lamba ta biyu ita ce 3, ragowar kuma 18.

Daga nan maimaici ne. A sauko da 56, a samu 1,856. A ninka amsar gaba ɗaya, wato 23, ba 3 kaɗai ba, a samu 46. 464 sau 4 ya ba da 1,856 daidai, babu saura.

```
5 | 47 | 56
2 × 2   = 4        5 − 4       = 1
43 × 3  = 129      147 − 129   = 18
464 × 4 = 1856     1856 − 1856 = 0
√54756 = 234
```

Ba sai an gwada lambobi tara ɗaya bayan ɗaya ba. A rufe lambar ƙarshe ta 1,856 da yatsa, a ga 185, a tambayi sau nawa 46 zai shiga ciki. Sau 4 ne, kuma ita ce lambar. Wannan kintace yakan yi yawa a matakin farko-farko, lokacin da adadin gefe yake ƙarami. A 289, bayan an sami 1 an sauko da 89, ana da 189, kuma 18 a raba da 2 ya nuna 9. Amma 29 sau 9 ya kai 261, 28 sau 8 ya kai 224, sai 27 sau 7 ne ya ba da 189. Kintacen ba ya taɓa gazawa ƙasa da lambar gaskiya, don haka ƙasa ake saukowa daga gare shi, kuma da zarar amsa ta kai lamba biyu ko uku da wuya ya kuskure da fiye da ɗaya.

## Me ya sa bibbiyu, me ya sa ninki

Batun bibbiyu mai sauƙi ne. Idan gefe ya ninku sau 10, faɗi yana ninkuwa sau 100. Murabba'in 3 shi ne 9, na 30 shi ne 900, na 300 shi ne 90,000. Duk gida ɗaya da amsa ta matsa, adadin da ake nema wa tushe ya matsa gida biyu. Shi ya sa kowane rukuni na lambobi biyu ke haifar da lamba ɗaya tak a amsa.

Ninkin kuwa sai an zana shi a ƙasa yake fitowa sarai. A ɗauka ana da tayil 54,756, ana so a shimfiɗa su a fili mai gefe huɗu daidai. Da farko a shimfiɗa 200 a tsaye 200 a kwance, an ci 40,000, saura 14,756. Wannan shi ne 2 ɗin farko, ashe 200 ce. Don a faɗaɗa filin ba tare da siffarsa ta ɓaci ba, dole a ƙara a gefe biyu, gabas da arewa misali, sannan a cike ɗan gurbin da ya rage a kusurwa. Idan aka ƙara layi 30, kowane gefe zai ci 200 sau 30, wato 6,000, biyun su ci 12,000, kusurwa kuma ta ci 30 sau 30, wato 900. Jimla 12,900, saura 1,856. To 129 ɗin da aka cire a takarda ita ce wannan 12,900, an dai ɓoye sifilai biyu. Ninkin da aka yi wa 2 gefe biyun nan ne, lambar da aka cusa a gurbi kuma ita ce kusurwa.

Yanzu gefen filin ya zama 230. A ƙara layi 4: gefe biyu su ci 230 sau 4 sau biyu, wato 1,840, kusurwa ta ci 16, jimla 1,856. Tayil ya ƙare, gefe ya tsaya a 234. Ɗaliban da suka yi aljabara za su gane abin da ke faruwa, inda a take amsar da aka riga aka samu, b kuma sabuwar lamba:

```
(10a + b)² = 100a² + (20a + b) × b
```

Wannan 20a + b shi ne "ninka ka bar gurbi": a ninka a, a matsa da shi gida ɗaya, a sa b a wurin da ya buɗe.

## Fuloti 50 da 100

Wajen makaranta, wanda ya fi cin karo da tushen murabba'i shi ne magini. A wuraren da ake yanka sabbin filaye, kamar Tumfure da sauran gefen garin Gombe, fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 shi ne aka fi sani. Kafin a haƙa harsashi ana kafa turaku a ja igiya, kuma auna gefe huɗu kaɗai ba ya tabbatar da cewa kusurwoyi sun tsaya daidai, domin fili zai iya karkacewa alhali kowane gefe yana da tsawonsa. Abin da ke tabbatarwa shi ne dayagonal, wato awon da ya ratsa daga wata kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta. Bisa ƙa'idar Paitagoras, murabba'insa shi ne 50 sau 50 a tara da 100 sau 100, wato 2,500 da 10,000, jimla 12,500.

Wannan ba ya fita cif, saboda haka bayan ɗigo sai a jera sifilai bibbiyu gwargwadon bukata. Rukunan su ne 1, 25, 00, sannan ɗigo, sai 00, 00, 00.

Lambar farko 1 ce, babu saura. A sauko da 25, ninkin 1 shi ne 2, 21 sau 1 ya shiga, 22 sau 2 bai shiga ba, saura 4. A sauko da 00 a samu 400, ninkin 11 shi ne 22, 221 sau 1 ya shiga, 222 sau 2 ya kai 444, ya wuce. Amsa ta zama 111, saura 179. An iso ɗigo, sai a sa ɗigo a amsa a ci gaba kamar babu shi. 17,900 ke gaba, ninkin 111 shi ne 222, kuma 2,228 sau 8 ya ba da 17,824, saura 76.

Mataki na gaba shi ne inda da yawa ke faɗuwa. An sauko da 00, ana da 7,600, ninkin 1118 kuma 2,236 ne. Ko 1 aka sa a gurbi, 22,361 ya fi 7,600. Lambar wannan gida sifili ce, kuma wajibi ne a rubuta ta a amsa kafin a sauko da wani rukunin. Sannan ninkin da ke biye na 11180 ne, wato 22,360.

```
1 | 25 | 00 . 00 | 00 | 00
1 × 1      = 1          saura 0
21 × 1     = 21         saura 4
221 × 1    = 221        saura 179
2228 × 8   = 17824      saura 76
22360 × 0  = 0          saura 7600
223603 × 3 = 670809     saura 89191
√12500 ≈ 111.803
```

Tef ɗin awo ba ya nuna 0.803 na ƙafa, inci yake nunawa. A buga 0.803 da 12, a samu inci 9.6. Dayagonal ɗin ke nan ƙafa 111 da inci 9 da rabi da ɗan ɗoriya. Wanda ya karanta 111.8 a matsayin ƙafa 111 da inci 8 ya yi kuskuren fiye da inci ɗaya da rabi, kuma kuskure ne da ake yawan yi.

Mai cewa a cike shi ya zama 112 kawai ya kamata ya san abin da hakan ke jawowa. Murabba'in 112 shi ne 12,544. A cire 10,000, saura 2,544, tushensa kuma kusan 50.44. Wato ƙarshen doguwar katangar ya goce gefe da kusan inci 5. A katangar zagaye mai yiwuwa ba a lura ba, sai dai in ta shiga iyakar maƙwabci. A ɗaki kuwa irin wannan gocewa tana fitowa ranar da mai tayil ya zo, ya ga layin ƙarshe yana tsukewa daga wannan bango zuwa wancan, ko kafinta ya ɗora kwano ya ga bakinsa bai bi bango ba. Lissafin dai yana da iyakarsa: ya ɗauka filin shimfiɗaɗɗe ne kuma tef a miƙe yake. A wuri mai gangara, wanda Gombe ba ta rasa ba, awon da ya bi ƙasa ya fi awon gaskiya tsawo, kuma neman lamba ta huɗu bayan ɗigo ba zai gyara wannan ba.

## Inda ake tuntuɓe, da yadda ake ganewa

Kuskure mafi muni shi ne fara rukuni daga hagu. Wanda ya raba 54,756 ya zama 54, 75, 6 zai fara amsarsa da 7, kuma duk abin da ya biyo baya aikin banza ne ko da bai yi kuskuren bugawa ko ɗaya ba. Ana gane shi da duba guda: 700 sau 700 ya kai 490,000, 70 sau 70 kuma 4,900 ne kawai, babu wanda ya kusanci 54,756. Bayan ɗigo kuma akasin haka ne, daga ɗigo ake tafiya dama. Tushen 0.4 ba 0.2 ba ne, domin 0.2 sau 0.2 ya ba da 0.04. Rukunin farko 40 ne, lambar farko 6, amsar kuma 0.632.

Tsallake sifili ya riga ya bayyana a sama. A lissafin fuloti zai mayar da 111.803 ya zama 111.83, bambanci kaɗan. Amma a 10,404, wanda tushensa 102 ne, mai tsallakewa zai tashi da 12. Ƙirga rukunai tun farko yana kare mutum daga wannan: rukuni uku, lamba uku.

Idan lambar da aka zaɓa ta yi girma, takarda da kanta za ta nuna, domin cirewa ba za ta yiwu ba. Wadda ta yi ƙanƙanta ce ke wucewa ba a lura ba, kuma tana da magani: ragowa ba ta taɓa wuce ninkin amsar da aka samu. Da a ce an sa 2 maimakon 3 a kan 147, 42 sau 2 zai ba da 84, saura 63. Amsa a lokacin 22 ce, ninkinta 44, kuma 63 ya fi 44, alamar akwai sauran wurin ƙara layi. Dalili shi ne tazarar da ke tsakanin murabba'in 22 da na 23 ita ce 45, wato ninkin 22 da ɗaya. Duk ragowar da ta kai haka ta isa ta ɗaga lambar. Wannan duba ba shi da wahala, tunda ninkin nan dama za a rubuta shi don mataki na gaba.

Akwai kuma duba na biyu da za a iya yi a kowane mataki: murabba'in amsa a tara da ragowa dole ya dawo da adadin da aka sauko da shi zuwa nan. 111 sau 111 ya ba da 12,321, a ƙara 179, 12,500 ya dawo.

Abu na ƙarshe da ke cin makin ɗalibai shi ne hanyar tana yankewa ne, ba ta cikewa. Tushen 5 yana fitowa 2.2, sai 2.23, sai 2.236. Idan tambaya ta nemi gida biyu bayan ɗigo, amsar 2.24 ce, kuma ba za a san haka ba sai an fitar da lamba ta uku.

## Ita da sauran hanyoyin

Malaman da suka fi son farfasa adadi suna da hujja: ita ake koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma tana nuna wa yaro ginin adadi. 54,756 ya farfashe zuwa 2 sau biyu, 3 sau huɗu, 13 sau biyu, a ɗauki rabin kowanne a samu 2 sau 9 sau 13, wato 234. Rauninta shi ne ba ta kai mutum ga amsa sai tushen yana fita cif. A kan 12,500 za ta tsaya a 50 sau tushen 5, tushen 5 ɗin kuma yana nan yana jira.

Teburin lissafi mai lamba huɗu ya fi sauri, kuma ga jarrabawa sau da yawa ya wadatar. Yana da kashi biyu, na 1 zuwa 10 da na 10 zuwa 100, kuma a zaɓen kashin ake ɓata. Don 12,500 sai a duba 1.25 a samu 1.118, a matsa da ɗigo gida biyu a samu 111.8. Wanda ya duba 12.5 zai samu 3.536, lambobin da ba su da alaƙa da amsar. Abin da ke raba gardama shi ne rukunin nan na bibbiyu: rukunin farko na 12,500 shi ne 1, don haka 1.25 za a duba. Ko ɗalibin da ba zai taɓa yin doguwar hanyar a jarrabawa ba yana amfana da matakinta na farko.

Hanyar da ta fi ƙarfi a gasar ita ce ta kintace da gyara, wadda ake dangantawa da Heron na Iskandariyya a ƙarni na 1. A kintaci 110, a raba 12,500 da shi a samu 113.636, a ɗauki tsakiyar biyun a samu 111.818. A maimaita da 111.818, a samu 111.8034. Zagaye biyu kacal, kuma kowane zagaye yana kusan ninka yawan lambobin da suka yi daidai. Idan an yi ɗan kuskure a wani zagaye, na gaba yakan gyara shi, abin da hanyar lamba bayan lamba ba ta yi. Masu goyon bayanta sun yi gaskiya cewa ga mai neman lamba goma ko ashirin babu haɗi. Kuɗin da ake biya shi ne rabawa da adadi mai tsawo irin 111.818, wadda ba wasa ba ce da biro, kuma mutum ba ya sanin lambobi nawa ne suka tabbata sai ya sake wani zagayen ya kwatanta.

Hanyar lamba bayan lamba ba ta bukatar komai sai bugawa da lamba guda da cirewa, kuma lambar da ta fito daidai ta zauna ke nan, ba za ta canza ba. Tana kuma faɗin ko tushen ya fita cif, tunda ragowa za ta zama sifili. Nauyinta yana ƙaruwa a hankali, adadin gefe yana ƙara lamba ɗaya a kowane mataki, shi ya sa bayan lamba biyar ko shida ta fara gajiyarwa. Ga ɗalibi mai neman gida biyu ko uku bayan ɗigo, da magini mai neman inci, aikin yana ƙarewa kafin a kai nan. Wanda takardar filinsa ke cikin mita zai iya gwada hannunsa da fuloti mai mita 15 da 30: jimlar murabba'an 1,125 ce, rukunai 11 da 25, ragowar matakai huɗu na farko 2, 36, 275 da 684, dayagonal kuma mita 33.54.